Maganin hawan jinina ya sauya kama: tambayoyi da amsoshi daga shagon magani a Kumasi

Masu ciwon da ake shan maganinsa kullum, irin hawan jini da ciwon suga, su ne suka fi kawo mana wannan koke a unguwannin Aboabo, Asawase da Sawaba. Mutum ya saba da farar ƙwaya zagayayya, wata ya zagayo aka miƙo masa doguwa, ko mai launin ruwan ƙwai, sai zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Na tara tambayoyin da aka fi yi mana a kan kanta, na ɗauki maganin hawan jini da ake kira amlodifin a matsayin misali, domin da wuya ka shiga gida a Zango ba ka tarar da mai shansa ba. A jikin kwali za ka ga an rubuta shi Amlodipine.

Wancan watan fara aka ba ni, wannan watan wata iri. An canja mini magani ne?

Galibi ba a canja ba, kamfanin da ya buga ƙwayar ne ya canja. Kowane magani yana da sunansa na asali guda ɗaya, wanda likitan Kumasi da na Kano da na Indiya suka san shi da shi. Kamfanin Pfizer ne ya fara fito da amlodifin, ya sa masa sunan kasuwa Norvasc, kuma doka ta ba shi shekaru shi kaɗai yana sayarwa. Da wa'adin ya ƙare, duk kamfanin da ya cika sharuɗɗa yana iya yin nasa. Yau kamfanoni da yawa suna yinsa, wasu a Indiya, wasu a Turai, wasu a nan Ghana. Abin da aka wajabta musu shi ne sinadarin maganin ya zama ɗaya, ƙarfinsa ɗaya, kuma ya shiga jini yadda na farko yake shiga. Ba a wajabta musu launi ɗaya ko siffa ɗaya ba. Wani lokaci ma kamfanin farko yakan kare siffar ƙwayarsa a matsayin alamar kasuwancinsa, sai na baya su kauce mata da gangan.

Duk da haka ban ce kar ka tambaya ba. Mu ma 'yan Adam ne, hannu yana iya ɗauko kwalin da ke kusa da wanda ake nufi. Duk ranar da ƙwaya ta sauya kama, ka tsaya a gaban kanta ka ce a nuna maka sunan da ƙarfin kafin ka tafi.

In maganin ɗaya ne, daga ina bambancin girma da launi yake fitowa?

Daga abubuwan da aka haɗa da shi. Miligiram 5 na amlodifin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Ba wanda zai iya tsinke wannan da yatsa, balle tsohuwar da idonta ya yi rauni. Saboda haka ake gauraya shi da garin da ba ya magani, har ƙwayar ta kai miligiram 100 ko 200, a samu abin riƙewa. Wato a cikin ƙwayar da kake gani, maganin kansa ɗan mitsitsi ne, kamar gishiri a tukunyar wake da shinkafa: kaɗan ne, amma dole ya game ko'ina daidai, kowane cokali ya samu rabonsa.

Wannan gari kala-kala ne, kowanne da aikinsa. Akwai na ciko, irin su sitacin masara, sukarin madara, da wani farin gari da ake samu daga ɓargon itace. Akwai mai ɗaure garin don kada ƙwaya ta farfashe a hanya. Akwai wanda yake tsotsar ruwa ya kumbura da zarar ƙwaya ta isa ciki, ya tarwatsa ta, maganin ya fita. Akwai kuma ɗan mai santsi da ake sawa don kada garin ya manne wa ƙarfen injin. Kowane kamfani yana da nasa haɗin, gwargwadon injinsa da kayan da yake samu da sauƙi. Wanda ya sa ciko da yawa ƙwayarsa za ta fi girma, ba don ta fi ƙarfi ba.

Siffa kuwa daga ƙarfen da ke danne garin take fitowa. In bakin ƙarfen zagayayye ne ƙwaya ta fito zagayayya, in an sassaƙa harafi ko lamba a jikinsa su fito a jikin ƙwayar. Launi kuma rini ne ɗan kaɗan, ko a cikin garin ko a siririyar rigar da ake fesa wa ƙwayar a waje. Kamfani yakan yi amfani da launi don ya bambanta ƙarfin magungunansa shi kaɗai, misali na 5 fari, na 10 ruwan ƙwai. Wani kamfanin kuma nasa tsarin daban ne. Nan ne haɗarin yake ga wanda ya haddace launi: farar ƙwayar wannan kamfani tana iya zama 5, farar wancan ta zama 10.

Akwai magungunan da launinsu na sinadarin ne da kansa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha kwana uku rawaya ne a kusan kowane kamfani, domin ɗaya daga cikin sinadaransa biyu rawaya ne tun asali.

To me zan duba in tabbatar shi ne?

Abu uku, kuma duk a rubuce suke a jikin kwali da bayan katin ƙwayoyin.

Na farko sunan asali. Kamfanoni sukan rubuta sunan kasuwarsu da manyan haruffa masu ado, sunan asalin kuma a ƙasa da ƙananan haruffa. Ƙaramin shi ne abin dubawa. Na biyu ƙarfi, wato lambar da ke gaban sunan: 5 mg ko 10 mg. Na uku ko an ƙara wasu haruffa ko wani suna a bayansa, domin akwai ƙwayoyin da aka haɗa amlodifin da wani maganin hawan jinin a ciki, kuma waɗannan ba ɗaya suke da amlodifin zalla ba.

Wani abu yana rikita masu karatu da kyau. A ƙananan rubutu za ka iya ganin lamba kusan 6.9 mg a kwalin da aka ce na 5 ne. Ba ƙari aka yi maka ba. Ba a iya sarrafa amlodifin tsiraransa, sai an ɗaura shi da wani sinadari ya zama gari mai zama lafiya, kuma wancan abokin ɗaurin yana da nasa nauyin. In aka cire shi, abin da ya rage 5 ne cif. Kamfanoni ba abokin ɗauri ɗaya suke amfani da shi ba, shi ya sa kalmar da ke bin sunan takan bambanta. A amlodifin wannan ba ya canja aikin maganin.

Wanda ba ya karatun boko, ya ajiye tsohon kwali ya zo da shi. Ana iya jera haruffan biyu a gwada da ido ko da ba a iya furta su ba. Jikoki masu zuwa makaranta ma suna da amfani a nan.

Me zai faru in mutum ya ruɗe?

Bari in ba da labarin wata Hajiya, domin irinsa ya fi jabun magani yawa a abin da nake gani. Likita ya ɗora ta a kan amlodifin 10 mg, ɗaya kullum da safe. Tana karɓa a asibiti da katin inshorar lafiya, fara zagayayya a cikin ƙaramin ambulan. Ɗanta da ke Accra ya zo gaisuwa, ya ɗauki hoton takardar likita, ya je ya saya mata mai tsada a wani babban shago, doguwa mai babban sunan kasuwa a kwali. Ya ce mata, Inna ga mai kyau nan na sayo miki. Ya koma. Ita kuma ta ɗauka ƙari ne a kan na asibiti, tunda ba su yi kama ba ko kaɗan. Ta riƙa shan biyun kowace safiya, wato 20 mg, alhali iyakar abin da ake ba mutum a yini 10 ne.

Ba ta ji komai ba a kwanakin farko, kuma wannan halin amlodifin ne. Yana daɗewa a jiki, sai ya yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita, don haka yana taruwa a hankali, ba ya kai ƙololuwa sai bayan kamar mako guda. A mako na biyu ƙafafunta suka kumbura har silifa ba ya shiga, kanta yana sarawa, in ta ɗago daga sujada sai jiri ya ɗebe ta. Mutanen gida suka ce ai sabon maganin ne bai karɓe ta ba, wasu suka ce jabu ne. Jikarta ce ta kwaso duk magungunan a leda ta kawo.

Na jera su a kan kanta, na nuna mata ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan, harafi da harafi daidai da na jikin ambulan ɗin asibiti. Muka auna jinin Hajiya, ya sauka ƙasa da inda ya saba zama sosai. Na ce kada ta ƙara shan ko ɗaya sai likita ya gan ta a ranar, kuma a tafi da ledar gaba ɗaya. Likitan ya mayar da ita kan ƙwaya ɗaya, kumburin ya saɓe a hankali. Duk ƙwayoyin biyu masu kyau ne. Da ɗan ya ce mata wannan maimakon wancan ne, ko da an rubuta a kwalin, da ba a kai nan ba.

Kishiyar wannan ma tana faruwa, kuma ta fi shiru. Mutum ya ga ƙwaya ta canja, bai yarda da ita ba, bai kuma tambaya ba, ya jefa ta a loko ya daina sha. Hawan jini ba ya ihu. Sai bayan watanni a kwaso shi zuwa asibitin Komfo Anokye da shanyewar ɓarin jiki. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk maganar nan.

Me ya sa asibiti ba za su riƙa ba ni iri ɗaya kullum ba?

Saboda yadda ake sayen maganin. Jerin magungunan inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da sunan asali aka rubuta shi, kuma akwai farashin da hukumar take biya a kan kowanne. Asibiti yana saye da yawa daga wanda ya ci kwangila ko wanda yake da kaya a lokacin a farashin da zai yiwu. In kayan wancan ya ƙare, ko jirgi ya makara a tashar jiragen ruwa ta Tema, ko darajar sidi ta motsa har farashinsa ya haura, sai a koma ga wani. Mafi yawan magungunan da muke sha shigo da su ake yi, kuma kamfanonin gida irin su Amponsah Efah na nan Kumasi da Ernest Chemists da Kinapharma su ma sukan sayo garin sinadarin daga waje, galibi Indiya da Sin, su sarrafa shi a nan. Ma'aikacin da ke miƙo maka ta taga ba shi ya zaɓa ba.

Wa ya tabbatar cewa ƙarfinsu ɗaya? Ba bakin kamfani ba ne kawai?

A Ghana aikin Hukumar Abinci da Magunguna ne, FDA, a ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012. Kafin magani ya shiga kasuwa da izini sai an yi masa rajista, an duba takardun yadda ake yinsa da masana'antar da ake yinsa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya FDA ta Ghana a mataki na uku cikin huɗu na ƙwarewar hukumomin magani, ita ce ta biyu a Afirka da ta kai nan bayan ta Tanzaniya.

Gwaje-gwajen da suka shafi tambayarmu iri uku ne. Ana niƙa ƙwayoyi a auna sinadarin da ke ciki, dole ya faɗa kusa da abin da aka rubuta, galibi tsakanin kashi 90 zuwa 110 cikin 100, wasu magungunan ma tsakanin 95 da 105. Ana jefa ƙwaya a ruwa mai ɗumin jikin mutum a ga cikin minti nawa take sakin maganin. Sannan ga magunguna da yawa akwai gwaji a jikin mutane: a samu masu lafiya 'yan sa-kai, sau da yawa ashirin da wani abu ko talatin da wani abu, a ba su na asali, a riƙa ɗibar jininsu lokaci bayan lokaci, a bar jikinsu ya wanke, sannan a ba su na sabon kamfanin a sake ɗiba. Ana kwatanta abu biyu: iyakar inda maganin ya kai a jini, da jimillar abin da ya shiga.

Za ka ji masu ɗan sani suna cewa doka ta yarda na baya ya gaza na asali da kashi 20. Ba haka lissafin yake ba. Iyakar kashi 80 zuwa 125 cikin 100 da suke nufi ba ta ƙwaya ɗaya ba ce, shinge ne da dole dukan faɗin sakamakon gwajin, har da shakkun da ke cikinsa, ya zauna a ciki. Don a samu haka sai matsakaicin ya matso kusa da 100 sosai. Da hukumar magunguna ta Amurka ta waiwayi irin waɗannan gwaje-gwaje sama da 2,000 da aka yi daga 1996 zuwa 2007, matsakaicin bambancin da ta samu wajen kashi 4 cikin 100 ne. Ga magani irin amlodifin, wannan bai kai tasirin gishirin miyar daren jiya a kan awon jininka ba.

Ni dai tun da aka canja nake jin jikina ba daidai ba. Ƙarya nake yi?

A'a, kuma duk mai shago da ya yi maka dariya bai kyauta ba. Amma a bi abin a tsanake. Da farko a sake duba suna da ƙarfi, a tabbata ba 10 aka ba ka a maimakon 5 ba, ba kuma biyu kake haɗawa ba. Sai a tambayi abin da ya canja a lokacin ban da ƙwayar. Maganin ciwon gaɓoɓi irin diklofenak da mutane ke saye suna sha kullum yana ɗaga jini. Haka rashin barci, tashin hankali, yawan goro, da wasu magungunan gargajiya.

Sannan a auna, kada a tsaya a kan ji. Ka zauna minti biyar ka huta, hannu a kan tebur, ka auna da safe kafin shan magani da kuma da yamma, ka rubuta har kwana bakwai. Ka bari sabuwar ƙwayar ta yi mako ɗaya ko biyu tukuna, saboda jinkirin da na ambata. In awon yana inda ya saba, ƙwayar tana aiki. In ya haura kuma ya tsaya a sama, ka kai wa likita takardar awon tare da kwalin.

Akwai kuma 'yan kaɗan da jikinsu ba ya shiri da wani abin haɗi, yawanci rini, sai ƙaiƙayi ko ƙuraje su fito bayan canjin. Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa a koma wa kamfanin da ba ya sa wannan rinin. In leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa nan take.

Akwai magungunan da canjin kamfani yake da haɗari a cikinsu?

Akwai, kuma a nan nake so a fi natsuwa.

Kashi na farko su ne waɗanda tazarar da ke tsakanin abin da zai yi magani da abin da zai cutar ƙanƙanuwa ce. Wasu magungunan farfaɗiya, irin su fenitoyin da kabamazefin, suna ciki. Haka warfarin mai tsinka jini, da maganin maƙoƙo lebotairoksin, da waɗanda ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda. A waɗannan ɗan bambancin da ba ya damun mai shan amlodifin yana iya nunawa. Mai shansu ya yi ƙoƙari ya tsaya a kan kamfani ɗaya, ya ajiye kwali, in kuma dole ta sa an canja ya sanar da likita don a auna jini ko a sa ido. Amma in wanda ka saba da shi ya yanke a kasuwa, shan na wani kamfanin ya fi zama babu magani nesa ba kusa ba, musamman ga mai farfaɗiya.

Kashi na biyu su ne masu suna ɗaya amma tsarin sakinsu daban. Nifedifin, ɗan'uwan amlodifin da ake yawan bayarwa a asibitocinmu, shi ne babban misali. Akwai na 20 mg da aka yi shi ya riƙa fita a hankali, yawanci sau biyu a yini. Akwai na 30 mg da 60 mg na sau ɗaya a yini. Akwai kuma kafso na 10 mg mai saki gaba ɗaya, wanda zai iya faɗar da jini farat ɗaya. Haruffa irin SR, MR, XL ko kalmar Retard a bayan suna su ne alamar mai fita a hankali. Waɗannan ba a musanya su da juna da ka, kuma ba a tauna su, ba a daka su a zuba a koko don tsoho ya samu sauƙin haɗiya, domin maganin yini guda zai shiga jini cikin ɗan lokaci. Wani irinsu ɓawonsa ba ya narkewa, mutum yakan gan shi a bayan gida ya tsorata, alhali maganin ya riga ya fita ta wani ɗan ƙaramin huji.

Ko maganin zazzaɓin da na ambata yana da nasa tarkon. Wani kwalin ƙwaya 24 ne, babba yana shan huɗu a lokaci ɗaya. Wani kuma ƙwaya 6 ne kacal, ɗaya a lokaci ɗaya, don kowacce tana ɗauke da ƙarfin huɗu. Lambobin 20/120 da 80/480 su ne ke bambanta su. Wanda ya saba da huɗu-huɗu kada ya ɗora wannan al'adar a kan mai shida.

Mai tsada bai fi mai araha aiki ba?

In duka biyun masu rajista ne kuma daga shago mai lasisi suka fito, a'a. Tsadar ta kuɗin talla ce da suna da ƙasar da aka yi shi. Na fi son Baba ya sayi wanda aljihunsa zai iya ɗauka kowane wata da ya sayi mai tsada yana sha yau yana tsallake gobe don ya daɗe.

Wannan kafson fa, da me ake yin ɓawonsa? Ya halatta?

Yawancin ɓawon kafso da jelatin ake yi, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, na shanu ko na alade, kuma akwai na tsiro. Ya danganta da kamfani, kuma ba kowane kwali ne yake faɗa ba. Malamai sun tattauna wannan, da yawa sun yi sauƙi saboda abin ya rikiɗe daga asalinsa da kuma lalurar ciwo. Hukuncin na malaminka ne. Nawa shi ne in gaya maka cewa magunguna da yawa suna da irin ƙwaya ban da kafso, don haka ka tambaya a sauya maka, kada ka daina sha a ɓoye.

Yaya zan bambanta canjin kamfani da jabun magani?

Ka'idar da nake bi ita ce: bambanci tsakanin kamfani da kamfani ba abin tsoro ba ne, bambanci a cikin kayan kamfani ɗaya shi ne abin tsayawa. In kwalin iri ɗaya ne da na da, sunan kamfani ɗaya, amma ƙwayar ta sauya, ka tambaya. Kamfani yakan sabunta siffa, amma mai shago ya kamata ya sani. In a kati ɗaya wata ƙwayar ta fi wata duhu, ko tana da ɗigo-ɗigo, ko tana marmashewa da ka taɓa, ko ta yi laushi, ka mayar. Ka duba lambar rukuni da ranar lalacewa, inda aka rubuta EXP: abin da ke jikin kwali dole ya yi daidai da na jikin kati. Ka duba sunan kamfani da adireshinsa, da kurakuran rubutu, da bugun da ya dusashe. FDA tana da jerin kayan da ta yi wa rajista, mai harhaɗa magani zai iya duba maka, kuma tana karɓar rahoton maganin da ake zargi.

Sai dai in faɗi gaskiya, gwanin jabu yana kwaikwayon launi da siffa fiye da yadda kamfanin halal zai yi, domin shi da ido yake ciniki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci, kuma da yawansu ido ba ya kama su. Don haka inda ka saya ya fi yadda ƙwayar take muhimmanci. Maganin hawan jini na asibiti ne da famasi mai lasisi. Ƙananan shagunan da aka ba izinin sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ba hurumin su ba ne, balle mai yawo da kwando a tashar mota ko cikin kasuwar Kejetia.

Magani mai kyau ma yana lalacewa. Zafi da laimar Kumasi suna da ƙarfi, shi ya sa wasu kamfanoni suke rufe ƙwaya da gwangwanin alminiyam gaba da baya. Nifedifin kuma haske yana ɓata shi. Kada a ɓare ƙwayoyin wata guda a zuba a roba ɗaya, kada a ajiye a kicin, a bakin taga ko cikin mota.

Ina kula da mahaifiyata, ba ta karatu, da launi take gane magungunanta. Yaya zan yi?

Kada ki yi ƙoƙarin raba ta da gane launi, ki dai sa alamar ta zama taki, wadda ba ta canjawa da kamfani. Ki samu leda ko ƙaramin akwati daban ga kowane magani, ki yi masa alama da zare mai launi ko zanen rana da wata, ki rubuta sunan asali da ƙarfi a jiki. Duk wata in an karɓo sabo, ke ce za ki gwada sunan, ki sa shi a mazauninsa, ki nuna mata ki ce, Inna wannan shi ne na hawan jinin, rigarsa ce ta canja. Ki bari tsohon ya ƙare kafin a buɗe sabon, don kada iri biyu su haɗu a hannunta. In za a yanka kati, a yanka ta yadda suna da ranar lalacewa za su rage a jiki.

Ki gaya wa 'yan'uwa masu aiko da magani daga Accra ko daga ƙasashen waje su bi ta hannunki. Ranar ganin likita kuma ki kwashi komai, har da na gargajiya da wanda maƙwabciya ta ba ta, ki ajiye a gabansa.